Tsakiyar ƙunar ta yi fari kuma ba ta mata zafi: warkewa ce ko zurfi?

Maman_Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san abin. Jiya da magariba 'yata mai shekara 2 ta jawo kofin ruwan zafi daga kan tebur, ruwan da bai fi minti 2 da saukewa daga wuta ba. Ya zubo mata a kafaɗar dama, ya gangaro ƙirji da saman damtse. Na cire mata riga na tara ta a famfo kamar minti 5, da kukan ya yi yawa sai na ɗauke ta.

Ga abin da nake gani da safen nan. Gefe-gefe fatar ta yi duhu ne kawai, ba ta tashi ba. Daga ciki ya yi bororo, wasu sun fashe, ƙarƙashinsu ja-ja yana tsattsafo da ruwa, ko iska ce ta taɓa wurin sai ta ƙwalla ƙara. Amma a saman kafaɗar, inda ruwan ya fara sauka, akwai wani wuri kamar faɗin yatsuna biyu, ya yi fari-fari, a bushe yake, na taɓa a hankali ko motsi ba ta yi ba. Babanta ya ce nan ne ya fara warkewa tunda ya bushe kuma babu zafi. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Warkewa ce, ko in kai ta asibiti?

Ummi_Siyama:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Allah ya ba ta lafiya. Ni ma da babanta na yarda, ai ciwo in ya bushe ya daina zafi to sauƙi ya samu. Jiƙaƙƙen wurin za ki fi sa wa ido.

Sista_Rabi:
Maman Nana, ki shirya ki kai ta yau, kada ki bari sai gobe. Na daɗe ina aiki a ɗakin masu ƙuna, kuma abin da kika faɗa game da kafaɗar shi ne ya fi tsaya mini a rai, ba inda take wa kuka ba.

Ummi, yi haƙuri, a ƙuna abin a juye yake. Jijiyoyin da ke jin zafi a cikin fatar suke. In saman fata kaɗai ya saɓule, jijiyoyin suna nan da ransu kuma sun fito fili, shi ya sa ko iska ta busa sai yarinya ta yi ihu. In zafin ya nutsa ƙasa ya cinye su, sai wurin ya yi shiru. Haka ruwan da kike gani yana tsattsafowa, alama ce cewa jini yana gudu a ƙarƙashi. Ƙunar da ba ta cika awa 24 ba, ba ta isa ta bushe don warkewa ba. In ta bushe a wannan lokacin, ta yi fari, ba a jin taɓi, to zurfi muke zargi har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Ummi_Siyama:
Ikon Allah. Wallahi Sista ban taɓa sani ba. Na janye maganata.

Malam_Habu77:
Gaskiya Sista ta faɗa. Yadda na sani mataki uku ne: ja shi ne na ɗaya, bororo na biyu, fari ko baƙi na uku. Duk inda kika ga fari to ta ƙone har ƙasa, sai dashen fata. Ki shirya wa wannan tun yanzu, Maman Nana.

Maman_Nana:
Innalillahi. Dashen fata kuma? Malam Habu ka tayar mini da hankali.

Sista_Rabi:
Malam Habu, rabin maganarka daidai ne, amma kada mu yanke wa yarinya hukuncin tiyata ba mu gan ta ba. Ba kowane fari ne ƙuna mai cin fata duka ba, musamman ga mai duhun fata. Launinmu a siririn ɓawon sama yake zaune. Da zarar ɓawon nan ya saɓule, abin da ke ƙasa sai ya fito ja-ja mai haske kamar cikin leɓe, kuma kusa da baƙar fata ido yana ganinsa kamar fari. Iyaye da yawa suna zuwa a firgice saboda wannan, alhali ƙunar sama-sama ce. Haka kuma jan da kake cewa na mataki na ɗaya, a duhun fata sau da yawa ba ya fitowa ja, sai dai wurin ya ƙara duhu, kamar yadda Maman Nana ta ce gefen ya yi.

Saboda haka launi shi kaɗai ba ya isar mu. Muna duba ko wurin da danshi ko a bushe yake. Muna duba ko ana jin taɓi. Sannan mu danna da yatsa cikin safar hannu mu saki: in wurin ya kwashe ya yi fari, jan ya dawo nan take, jini yana gudu, fatar za ta iya gyara kanta. In jan ya dawo a hankali, ko wurin ya yi dabbare-dabbare ja da fari kuma jan ba ya gushewa ko an danna, zafin ya shiga can cikin fata. In kuwa ya yi fari kamar kyandir, ko ya yi tauri kamar ƙirgi, danna shi ba ya canja komai, to fatar ta mutu har ƙasa.

Wurin Nana ya haɗa alamu biyu marasa daɗi, bushewa da rashin jin taɓi. Zai iya zama na tsakiyar nan, zai iya zama na ƙarshen. Daga bayani ba zan iya rabewa ba. Kuma Maman Nana, kada ki je kina danna mata a gida, a bar wa wanda zai wanke wurin bayan an ba ta maganin zafi.

Bintu_A:
Anti ki nemi man shafawa mai hana tabo ki fara sa mata tun yanzu. Ni da na ƙone a hannu shi na yi amfani da shi, yanzu sai na nuna miki wurin kafin ki gane.

Hajiya_Mairo:
Bintu, ba maganar tabo ake ba tukuna, ciwon ɗanye ne shakaf. Maman Nana kada ki shafa komai kafin likita ya gani. Jikana ya taɓa ƙonewa, kafin a isa asibiti wata maƙwabciya ta shafe wurin da shuɗin maganin nan na ciwo, wata kuma ta ƙara da man goge baki. Sai da aka kankare duka kafin likitan ya iya ganin kalar naman, yaron nan ya sha azabar da bai kamata ya sha ba. Likitan ya ce mun rufe masa ido ne, da me zai gane zurfinta? Ki lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi-gashi kawai ku tafi.

Maman_Nana:
Hajiya ban shafa komai ba, alhamdulillahi. Farasitamol na yara kawai na ba ta. Sista, babanta yana cewa ai wurin ba shi da girma. Ya ake gane girman da ya isa a je asibiti?

Sista_Rabi:
Ki auna da hannunta, ba naki ba. Tafin hannun wanda ya ƙone tare da yatsunsa a haɗe kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa ne. Ki ƙiyasta da ido hannunta nawa za su rufe inda ya yi bororo, da inda ya saɓule, da farin wurin. Gefen da ya yi duhu kawai bai tashi ba, ba a sa shi a lissafi, shi da kansa zai ɗaye cikin mako guda.

Maman_Nana:
Na gwada ba tare da na taɓa ba. Zai kai hannunta uku, ko ya ɗan fi. Da nawa hannun kuwa ɗaya ma ya kusa rufe shi, shi ya sa muke ganin kamar kaɗan ne.

Sista_Rabi:
To kin gani. Kashi 3 ke nan a jikin 'yar shekara 2. Duk ƙunar da ta yi bororo ta wuce tafin hannun mai ita, a je a duba. Ga ƙanƙantar shekaru, ga wuri mai alamar zurfi, ga shi a kan gaɓa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalili. Ki karanta wa babanta wannan. Bai kai girman da ake sa wa yaro ƙarin ruwa ba, wannan sai abin ya kai wajen kashi 10, amma wankewa da ɗauri da dubawar wanda ya sani dole ne.

Maman_Nana:
Ya yarda. Mun fita yanzu. Ku sa mu a addu'a.

Dan_Kawu:
Allah ya sauƙaƙe. Kafin ta dawo bari in ba ku nawa labarin, don maganar rashin zafin nan ni ta ci. Salansar babur ce ta kama ni a sharaɓa. Wurin bai fi bakin kofi ba, ya yi fari-fari ruwan toka, zagaye da shi ja. Daren farko gefen ne kawai ya yi mini zugi, tsakiyar ko a jikina. Na ce abu ya zo da sauƙi. Bayan kwana goma sai farar fatar ta fara ɗagowa daga gefe, ƙarƙashinta rami. Sama da wata biyu ina jinya, kullum ɗauri, kuma har yau wurin a kumbure yake yana ƙaiƙayi. Da na je daga baya aka ce da tun farko na zo, da an yanke matacciyar fatar an rufe wurin.

Malam_Habu77:
Ka ga abin da nake faɗa ke nan, Dan Kawu. Fari ne, kuma ya tabbata mai zurfi. Ban ƙi ta Sista ba, amma ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba gara ya ɗauki kowane fari a matsayin haɗari.

Sista_Rabi:
A kan cewa a kai asibiti, bakinmu ɗaya, Malam. A kan gaya wa uwa cewa sai dashe, nan ne muka rabu. Na Dan Kawu ƙarfe ne mai tsananin zafi ya manne wa fata, irin wannan da na dutsen guga sun saba nutsawa ko da ƙanana ne. Shi ya sa kullum muke tambaya me ya ƙona ka, kuma ya daɗe a jiki? Tafasasshen ruwa digiri 100 ne kuma yana gangarewa. Man suya yana haura digiri 170 kuma yana liƙewa. Riga ko kunzugun da ya jiƙe da ruwan zafi yana ci gaba da dafa fatar muddin ba a cire ba.

Zee_Baby:
Tambaya don Allah, bororon fa? A fasa ko a bari? Mamata ta ce in ba a fasa ba ruwan ciki zai ruɓar da naman.

Ummi_Siyama:
Ni kuma an ce mini kada a kuskura a taɓa shi, shi ne bandejin da Allah ya yi wa wurin.

Abban_Sadiq:
Amma ni a asibiti a gabana nas ta sa almakashi ta yanke na ɗana gaba ɗaya ta cire fatar. Na ma yi mata magana, ta ce in ba ta buɗe ba ba za ta ga abin da ke ƙasa ba. To wanne ne daidai?

Sista_Rabi:
Ko a tsakanin ma'aikata ba a gama daidaitawa a kan wannan ba. Abin da na saba gani: ƙaramin bororo da bai fashe ba, a bar shi. Babba, ko wanda ya zauna a kan gaɓa yana hana motsi, ko wanda ya riga ya fashe, ana buɗe shi a cire matacciyar fatar, saboda dalilin da nas ɗin ta gaya maka, Abban Sadiq: bororo yana ɓoye zurfi. Sai dai da kayan aiki masu tsabta ake yi, a kuma rufe da abin da ba ya manne wa ciwo. A gida da allura ko reza, a'a. Zee, ruwan ciki ba ya ruɓar da nama, ƙwayoyin cutar da ke shiga bayan an huda ne ke yin hakan.

Abban_Sadiq:
To ni dai har yanzu ina ganin da an bar na ɗana da bai sha wuya haka ba. Amma na ji.

Injiniya_MK:
Ku ba ni dama in ɗan kauce. Ni aikin lantarki nake yi. Duk wannan duba launi da aunawa da tafin hannu ba ya aiki a kan ƙunar wutar lantarki. Wani abokin aikina wuta ta ja shi, abin da ya fito a yatsa ɗan tabo ne kamar kan ashana, wani kuma a tafin ƙafa. A ido ba komai. Amma wutar ta bi ta cikin jiki ne tsakanin wuraren nan biyu, tana iya dafa tsoka a ciki, tana iya rikita bugun zuciya. Kwana aka yi da shi ana auna zuciyarsa, ana kuma duba kalar fitsarinsa. Haka ruwan batir da sauran sinadarai, suna ci gaba da ci bayan an ɗauka an gama, a wanke da ruwa mai yawa a wuce asibiti. Ba a tsaya kallon girma ba.

Hajiya_Mairo:
Ka tuna mini, Injiniya. Masu ciwon suga ma haka. Yayana ƙafarsa ba ta ji sosai saboda sugan. Ya tsoma ƙafa a ruwan da ya ɗauka ɗumi ne, ya zauna abinsa. Sai da safe aka ga yatsun sun tashi. Shi kam rashin zafi ba ya nuna komai, don ko lafiyayyen wurin ba ya ji. An sha fama kafin ya warke.

Sadiya_Ummu3:
Ni fa ina da ja kaɗan. In muka bi wannan, kowace 'yar ƙuna sai asibiti ke nan? Mu masu girki kusan kowane wata sai mai ya fallatso mana ko tukunya ta taɓa mu. Wa zai iya?

Sista_Rabi:
A'a Sadiya, ba haka nake nufi ba. Babban mutum mai lafiya, ƙuna ƙarama da ba ta kai tafin hannunsa ba, a damtse ko cinya misali, tana zafi, da danshi ko ɗan bororo, wannan a gida ake kula da ita. Ki tara wa ruwan famfo mai sanyi minti 20 cur, ba ƙanƙara ba, ki cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, ki rufe da abu mai tsabta, ki riƙa dubawa.

Inda ba na so a tsaya shawara shi ne fuska, hannu, ƙafa, al'aura, da kan gaɓoɓi, saboda in tabo ya ja fatar a waɗannan wuraren, yatsa ko gwiwar hannu na iya ƙin miƙewa. Sai wadda ta zagaye hannu ko ƙafa ko yatsa kamar zobe, don kumburi zai iya shaƙe jini. Sai wanda gobara ta ritsa da shi a rufaffen ɗaki, in muryarsa ta dushe, ko gashin hancinsa ya babbake, ko yana tofar da baƙin kaki. Wannan ko fatarsa lafiya lau a ruga da shi, maƙogwaro yana iya kumbura ya toshe bayan 'yan awoyi. Ƙananan yara da tsofaffi kuwa fatarsu siririya ce, ruwan da zai ba ki bororo kawai, su zai iya ratsa su.

Sadiya_Ummu3:
Hannu kuma? To ai a hannu duk muke ƙonewa, Sista.

Sista_Rabi:
Ɗigon mai a bayan hannu da ya yi bororo kamar ƙwayar tsakuwa, ba zan ce ki tashi ba. Wadda ta kama yatsu, ko tsakaninsu, ko tafin hannu, ko ta haye gaɓa, ki je. Na yarda iyakar ba a shata take da layi ba. In kina kokwanto, ganin farko ba ya da wahala.

Maman_Nana:
Mun dawo, na gode muku ƙwarai. An ba ta maganin zafi tukuna, aka jira ya kama ta, sannan aka wanke. Sun cire fatar bororon da suka fashe. Likita ya danna ƙirjin da damtsen, na gani da idona jan yana tafiya yana dawowa nan da nan, ya ce waɗannan insha Allahu cikin mako biyu za su rufe. Da ya zo kafaɗar ya danna ya daɗe yana kallo. Ya ce gefen farin yana dawowa a hankali, tsakiyar kuma bai ga ya canja ba. Ya ce ba zai yanke hukunci yau ba, mu dawo jibi. Sun duba katin rigakafinta saboda tetanus, ya cika. Lissafinsu ma kashi 3 ne.

Abin da ya dame ni, ya tambaye ni minti nawa na sa mata ruwa, na ce 5, sai ya ce 20 ake so. Tun ɗazu nake jin kamar ni na jawo zurfin.

Hajiya_Mairo:
Kada ki ɗora wa kanki, 'yata. Kin cire riga, kin sa ruwa, ba ki shafa komai ba, kin kai ta. Wace uwa ce za ta iya riƙe ɗanta yana wannan ihun tana kallon agogo in ba an taɓa gaya mata ba?

Malam_Habu77:
Amma me ya sa likita zai ce sai jibi? Ko dai bai ƙware ba ne? Ƙuna ai ta riga ta faru, zurfinta ba zai canja ba.

Sista_Rabi:
Yana canjawa, Malam, kuma jiran da ya ce a yi shi ne alamar ya san aikinsa. Kewaye da inda zafi ya kashe nan take, akwai fatar da ta jigata amma ba ta mutu ba, jini yana tafiya a cikinta da ƙyar. Cikin kwana biyu zuwa uku ko dai ta farfaɗo ko ta mutu. Ƙunar ruwan zafi a jikin yara ta fi kowacce yaudara a nan: ranar farko ka ga ja mai kyau, rana ta uku ka buɗe ka tarar ya koma fari. Sanyaya wurin da ruwa yana taimakon wannan fatar ta tsakiya, kuma yana da amfani ko an makara, har zuwa awa 3 bayan ƙunar. Bushewa, kumburi, ɗauri mai matsewa da shigar ƙwayoyin cuta su ne ke tura ta ga mutuwa.

Maman Nana, minti 5 ɗin da kika yi ba a banza ya tafi ba. Kuma inda ruwa ya fara sauka shi ne ya fi zafi, kafin ya gangaro ƙirji ya ɗan huce, shi ya sa kafaɗar ta fi cin wuya ko da me kika yi. Abin da nake so ki sa wa ido yanzu ba ciwon kaɗai ba ne, ita kanta yarinyar. In ta yi zazzaɓi mai zafi, ko amai da gudawa, ko wasu ƙuraje suka feso mata, ko ta yi laushi ta ƙi ci ta ƙi sha, ko fitsarinta ya ragu, ku koma a daren, kada ku jira jibi. Ƙaramar ƙuna ma tana iya jawo wa yaro guba a jini cikin kwanakin farko. Haka in ɗaurin ya fara wari ko ruwa ya ratso shi.

Zee_Baby:
Anti ya jikin Nana? Kwana biyu shiru.

Maman_Nana:
Da sauƙi, Zee, na gode. Yau kwana 12. Ƙirjin da damtsen sun rufe, sabuwar fata ta fito ja-ja mai sheƙi, an ce launin zai riƙa dawowa a hankali cikin watanni, in riƙa shafa mata mai marar ƙamshi kuma in kare wurin daga rana. Kafaɗar ce dai. Gefen ya ɗan matso, amma tsakiyar kamar faɗin babban yatsana har yanzu fari-rawaya ne, ba alamar fata. Sun ce in mun cika mako biyu bai rufe ba za su tura mu wurin likitan ƙuna ya duba ko za a yi ɗan dashe. Babanta ya ce sam, wuri kamar yatsa ba za a yanki 'yarsa a wani wurin don a liƙa ba, a bar shi ya cike da kansa.

Dan_Kawu:
Nawa ma da kansa ya cike, amma ku tambaye ni yadda ya cike. Ki nuna masa abin da na rubuta a sama.

Abban_Sadiq:
Ni kam ina fahimtar baban. Ciwo ɗaya ya zama biyu, ga allurar barci ga ƙaramar yarinya. Wuri ƙarami haka ai yana iya haɗewa daga gefe.

Sista_Rabi:
Yana iya haɗewa, Abban Sadiq, ban musa ba. Abin da ake aunawa shi ne lokaci. Ƙunar da ta rufe cikin mako biyu da wuya ta bar tabo mai tudu. Wadda ta haura mako uku a buɗe ta fi barin tabo mai kauri da ƙaiƙayi, masu duhun fata kuma sun fi saurin yin irinsa, ga shi kafaɗa da saman ƙirji suna cikin wuraren da tabo ya fi yin tudu. A ɗaya ɓangaren, wuri kamar babban yatsa wani likitan zai ce a ci gaba da ɗauri a ƙara kwanaki, musamman in a saman kafaɗa yake ba ta wajen hammata ba, inda zai iya riƙe hannu. Na ga an yi duka biyun. Zuwa wurin likitan ƙuna ba sa hannu a takardar tiyata ba ne. Ku je tare da babanta, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Malam_Habu77:
Maman Nana, ki yafe mini firgita ki da na yi ranar farko. Sista, in an yi dashen, daga ina ake ɗebo fatar a jikin yaro ƙarami haka?

Sista_Rabi:
Yawanci daga cinya, siririn sama kawai ake ɗauka, wurin kuma yana rufewa da kansa cikin kamar mako biyu, sai dai yakan bar ɗan bambancin launi.

Maman_Nana:
Babu komai Malam Habu, da alheri ka faɗa. Ya yarda zai bi mu ranar Litinin, amma ya ce sai ya ji daga bakin likitan ko kwana nawa za a iya ƙarawa ana jira. Sista, in na cire ɗaurin gobe don canjawa, me zan duba a tsakiyar da zai nuna mini fata ta fara fitowa ta ƙasa, ba ta gefe kaɗai ba?

Sista_Rabi:
Ki duba ko akwai 'yan ɗigo-ɗigo a cikin ciwon kamar an yayyafa, masu ɗan haske ko duhu-duhu. Daga ramukan gashi sabuwar fata ke tsirowa, in sun tsira za ki ga ɗigon suna faɗaɗa suna haɗewa. In kuwa shafe yake fari-rawaya, ko jan nama ne mai tudu da ke saurin zubar da jini ba ɗigo ko ɗaya, to daga gefe kaɗai yake jiran rufewa. Ki ɗauki hotonsa a haske ɗaya duk ranar canjin ɗauri, ki ajiye yatsanki a gefe don a ga girma, ki tafi wa likitan da su ranar Litinin.